An dawo min da takardar ritayar adbans karo na biyu, a ina nake kuskure?

Sadiya Gwale: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin ofishin kuɗi. Wata huɗu ke nan da na fara aiki da wata ƙungiya a nan Kano. An tura ni Dutse in gudanar da horon kwana ɗaya ga mata masu ƙananan sana'o'i, aka ba ni adbans na naira 350,000. Na tafi ran 11 ga Maris, aka yi horon ran 12, na dawo ran 13. Abin da na kashe ya kai 374,250, wato na cika 24,250 daga aljihuna. Na rubuta takardar ritaya, wato lissafin yadda na kashe kuɗin, kamar haka: sufuri 122,000, masauki da abinci 161,750, sauran abubuwa 90,500. Na haɗa rasitai gaba ɗaya a ambulan na kai. Karon farko akanta ya rubuta a kai cewa in fayyace. Na ƙara bayani sakin layi biyu a kan yadda horon ya gudana, na mayar. Jiya ya sake dawo min da ita. Wallahi ko kwabo ban ci ba, kuma abin ya fara damuna, don an ce ba za a ba ni kuɗin tafiya ta gaba ba sai an rufe wannan.

Habu Mai Babur: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, in bashin ofis ne ai a albashi ake cirewa duk wata. Ki je ki roƙe su su raba miki shi gida uku, haka aka yi min lokacin da na karɓi na babur.

Sadiya Gwale: A'a Yaya Habu, ba rance ba ne. Kuɗin aiki ne aka ba ni in kashe in kawo lissafi. Ni ce ma nake bin su ciko.

Baba Akanta: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, babu wanda ya ce kin ci kuɗi. Na daɗe a kan irin kujerar da wannan akantan yake zaune, bari in gaya miki abin da yake gani idan ya buɗe ambulan ɗinki. Yana ganin lambobi uku a takarda, sannan ga tarin rasitai da babu wanda adadinsa ya yi daidai da ko ɗaya daga cikin ukun. Kafin ya gaskata 161,750, sai ya zauna ya yi ta haɗa wannan da wancan har ya gano waɗanda suka tashi haka. Kuma ba shi kaɗai zai duba ba. Na sama da shi zai duba, bayan shekara odita zai zo ya zaro wannan baucar, wato takardar biyan kuɗin, daga cikin ɗaruruwa ya ce a nuna masa. Lokacin ke kin manta, watakila ma kin bar wurin. Shi ya sa yake so takardar ta tsaya da ƙafarta ba sai an kira ki ba.

Da ya ce ki fayyace, ba labarin horon yake nema ba. Wannan na rahoton aiki ne, shugabar sashenku ce ke karanta shi. Shi so yake kowane kuɗi da ya fita daga hannunki ya samu layinsa: ranar da aka kashe, wa aka biya, me aka saya, guda nawa, nawa ne ɗaya, jimilla, da lambar takardar shaidarsa. Turo mana abin da ke cikin kowane ƙunshi, har da wannan "sauran abubuwa" ɗin, don ina kyautata zaton shi ya fara tsayar da shi.

Sadiya Gwale: Na gode Baba. Ga su. A sufuri akwai motata zuwa 6,000, dawowa 6,000, sai kuɗin motar mahalarta mutum 22 kowa 5,000, ya kama 110,000. A masauki da abinci akwai otal kwana biyu 53,750, sai abincin taro na mutum 24 a kan 4,500, ya kama 108,000. Sauran abubuwa kuma hayar zaure ce 40,000, kayan rubutu da bugun takardu 18,500, man janareto 12,000, sai kuɗin kwanana 20,000.

Baba Akanta: Madalla. Kin ga layi tara ne kika dunƙule suka zama uku. Ga yadda zan jera su in ni ne:

1. 11 ga Maris, motar haya Kano zuwa Dutse, 6,000
2. 11 zuwa 13 ga Maris, otal, dare 2 a kan 25,000, da haraji 3,750, jimilla 53,750
3. 12 ga Maris, hayar zaure yini ɗaya, 40,000
4. 12 ga Maris, abincin rana, mutum 24 a kan 4,500, jimilla 108,000
5. 12 ga Maris, kuɗin motar mahalarta, mutum 22 a kan 5,000, jimilla 110,000
6. 12 ga Maris, man janareto, 12,000
7. Kayan rubutu da bugu, 18,500, da ranar da ke kan rasit ɗin
8. 13 ga Maris, motar haya Dutse zuwa Kano, 6,000
9. Kuɗin kwana, dare 2 a kan 10,000, jimilla 20,000

A ƙasa ki rubuta layi uku: abin da aka kashe 374,250, adbans da aka karɓa 350,000, cikon da za a biya ni 24,250. Ki sa ranar da adbans ɗin ya shigo miki da lambar baucar da aka fitar da shi, in kin san ta. In ba ki sani ba, kashiya zai gaya miki.

Farashin otal ɗin hasashe na yi, don 3,750 shi ne kashi 7.5 cikin ɗari na 50,000, kuma tun shekarar 2020 haka harajin nan yake a Najeriya. Ki duba rasit ɗin ki tabbatar. Na ware shi ne da gangan, domin idan ƙa'idarku ta ce kada ɗaki ya wuce 25,000, akanta zai raba 53,750 gida biyu ya ga 26,875, ya ce kin haura. In ya ga harajin a ware, magana ta ƙare.

Sai rasitan. Ki fito da su daga ambulan, ki manna kowanne a farar takarda, ki rubuta lambar layinsa a sama da biro, ki jera su daga 1 zuwa 9. Layi na 4 ya kai mutum takarda ta 4, ba sai ya yi lalube ba.

Anti Bilki: Zan ƙara abu ɗaya a kan rasitai. Wanda injin gidan mai ko na kanti yake fitarwa, ɗan siririn nan, rubutunsa gogewa yake yi, balle ya sha zafi a cikin jaka. Ki yi masa fotokofi yau ɗin nan ki manna shi da kofin a shafi ɗaya. Ni an taɓa riƙe min kuɗi sama da wata saboda rasit ɗin mai da ya koma fari fat. Kuma kada ki liƙa salatif a kan rubutun, shi ma cinye shi yake yi. A gefe-gefe za ki sa.

Nura Kwamfuta: Anti Sadiya, in a Excel za ki yi, ki sa adadi a ginshiƙin C, farashin ɗaya a D, ki bar E ta lissafa da kanta. Kuskuren haɗa lissafi da hannu shi ma yana dawo da takarda.

```
=C2*D2
=SUM(E2:E11)
```

Na farkon ki sa a E2 ki ja shi ƙasa har E11, na biyun kuma a E12. Na kai shi layi na 11 ne don harajin otal ya samu layinsa shi kaɗai. Game da motar haya kuma, na san ba su ba ki rasit ba. Ki je tasha kawai, akwai masu littafin rasit, ki ba su wani abu su rubuta miki da ranar da kike so. Kowa haka yake yi.

Baba Akanta: Nura, maganar kwamfuta ta yi daidai, amma ta tasha ban yarda da ita ba, kuma Sadiya kada ki kusance ta. Ba wai don kuɗin bai fita ba, ya fita. Amma takardar da aka rubuta yau aka sa mata kwanan watan baya, ta jabu ce ko da adadin gaskiya ne. Kuma ana ganewa cikin sauƙi. Rasit na zuwa da na dawowa daga garuruwa biyu, amma rubutun hannu ɗaya, biro ɗaya, lambobinsu a jere kamar 0451 da 0452. Duk akantan da ya ga wannan, sai ya fara zargin sauran layuka bakwai ɗin da suke na gaskiya.

Duk ofishin da ke tura mutane hanya ya san direban haya ba ya ba da rasit. Yawancinsu suna da ɗan fom da mutum zai cika: na biya kaza daga wuri kaza zuwa wuri kaza ranar kaza, ba a samun rasit, ya sa hannu, shugabansa ya sa. Wasu kuma suna da tsayayyen farashi na kowace hanya. Ki tambaya wanne ne naku.

Nura Kwamfuta: Na karɓi gyara Baba. Amma gaskiya a wurinmu babu wannan fom ɗin, kuma in babu rasit ba a biya. Shi ya sa mutane ke zuwa tasha.

Baba Akanta: To a karɓa a ranar tafiyar, a hannun 'yan kamasho, kafin mota ta tashi. Wannan sahihi ne. Kuma wurinku na bukatar gyara, don ƙa'idar da ta tilasta wa mai gaskiya neman takardar ƙarya ba ta tsare kuɗin kowa ba.

Hajiya Odita: Sannunku. Na bi zancen tun daga sama. Jerin da Malam ya yi ya yi kyau, amma ina jin ko an kai shi haka, zai iya dawowa karo na uku. Sadiya, tambaya biyu. Mutum nawa aka amince da su a kasafin da aka ba ki adbans a kansa? Kuma mutum nawa ne suka sa hannu a takardar halarta?

Sadiya Gwale: Hajiya, kasafin na mutum 20 ne, da mu biyu masu koyarwa a abinci. Amma 22 suka zo, shugabar matan ta taho da biyu da ba sa cikin jeri, kuma daga ƙauye suke, na kasa mayar da su. Bari in ƙirga takardar halarta.

Innalillahi. 21 ne. Amma takardar biyan kuɗin mota 22 ce, na ƙirga sau biyu.

Hajiya Odita: To ga abin da ya tsayar da shi nan, ko bai faɗa miki ba. A aikinmu farkon abin da muke yi da takardun taro shi ne ɗora lambobi a kan juna. Kasafi ya ce 20, halarta ta ce 21, biyan mota ya ce 22, mai abinci ya ce 24. Lambobi huɗu a taro ɗaya. Ke kin san dalilin kowanne, amma wanda bai je Dutse ba abin da zai karanta shi ne an biya wata 5,000 alhali ba ta zo ba, an kuma sayi abincin mutum uku da babu su.

Ki ɗauki takardun biyu ki bi suna bayan suna ki gano wadda ta ɓace. Idan kin gano ta, kada ki ƙara sunanta a takardar halarta da hannunki, kada kuma ki sa wata ta dangwala mata. Ki bar takardar yadda take. Ki rubuta a bayaninki cewa wance ta halarta amma ba ta sa hannu a takardar halarta ba, ga hannunta a takardar biyan kuɗi layi kaza, ga lambar wayarta a wurin. In akwai hoton taro da take ciki, ki haɗa. Abincin kuma layi ɗaya ya ishe shi: mahalarta 22 da masu koyarwa 2.

Sadiya Gwale: Na gano ta. Wata dattijuwa ce da ta iso bayan an fara, takardar ta riga ta zagaya. Tana cikin hoton da muka yi a ƙarshe, a gaba ma take zaune. Amma Hajiya, bayanin nan da kuke ta faɗa, yaya tsawonsa? Don na farko da na yi shafi guda ne.

Hajiya Odita: Layin da ya tafi daidai da kasafi ba ya bukatar hujja, an riga an amince da shi tun kafin ki tafi. Inda aka saɓa kawai za ki yi wa bayani, kuma da lamba. Turo min kasafin in nuna miki.

Sadiya Gwale: Motar mahalarta 100,000, abinci 99,000, zaure 40,000, otal 50,000, motata 12,000, kayan rubutu 20,000, kuɗin kwana 20,000, ko-ta-kwana 9,000. Shi ne 350,000.

Hajiya Odita: To kin ga zaure, motarki da kuɗin kwana ba su motsa ba, ki ƙyale su. Ga abin da zan rubuta a ƙarƙashin jerin:

"An haura kasafi da naira 24,250. Mahalarta 22 suka zo maimakon 20, wanda ya ƙara 10,000 a kuɗin mota da 9,000 a abinci. Otal ya ɗora harajin 3,750 da ba a sa a kasafi ba. Wuta ta ɗauke a zaure, aka sayi man janareto na 12,000. Ƙarin ya kama 34,750. An rage 1,500 a kayan rubutu, an kuma yi amfani da 9,000 na ko-ta-kwana, saura 24,250."

Duk wanda ya ɗauki kalkuleta zai bi wannan ya iso inda kika iso. Abin da ake nufi da hujja ke nan: me ya faru, nawa ya jawo, wa ya amince. Wannan na ukun ne nake jin tsoro a kansa. Da matan biyu suka ƙaru, da kuma za ki sayi mai, kin sanar da wani a ofis?

Sadiya Gwale: Na matan na tura wa shugabata saƙo a waya da safen, ta amsa da cewa in bar su su zauna. Na mai kuwa ban sanar ba. Ana tsakiyar darasi wuta ta tafi, mai zaure ya ce janareto akwai amma mai namu ne, zafi ya yi yawa, na ba yaro kuɗi ya sayo.

Hajiya Odita: Ki ɗauki hoton wannan saƙon yadda rana da lokaci za su fito, ki buga shi ki haɗa. Ya wadatar a kan 19,000 ɗin nan. Na mai kuma ki rubuta wa shugabarki 'yar takarda daban ki ce an kashe ba tare da izini ba saboda kaza, kina neman ta amince bayan aiki. Ta sa hannu da kwanan watan ranar da ta sa, ba na 12 ga Maris ba. Ki kuma duba rasit ɗin zauren. In an rubuta cewa hayar ta haɗa da wuta, to za a ce mai zaure ne ya kamata ya sayi man, kuma da ƙyar a biya ki.

Baba Akanta: A nan ni da Hajiya mun ɗan bambanta. In ni ne a kujerar, 12,000 na man da ya hana a tashi taron mutum 22 ba zan nemi takarda daban a kansa ba. Sa hannun shugabarta a kan fom ɗin gaba ɗaya ya isa, tunda an bayyana shi ƙarara. Ai don irin haka ake ware ko-ta-kwana.

Hajiya Odita: Malam, ko-ta-kwanan 9,000 ne, man 12,000. Kuma in kuɗin masu ba da tallafi ne, wasu yarjejeniyoyin ba sa yarda da abin da ba ya cikin kasafi sai da rubutaccen izini. Kai za ka biya da kyakkyawar niyya, mu kuma mu zo mu rubuta cewa a mayar. Takarda ɗaya ba za ta ci mata minti goma ba.

Baba Akanta: Haka ne, in kuɗin tallafi ne ki bi ta Hajiya, 'yata.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a nan abin da ke riƙe mana kuɗi shi ne takardar izinin tafiya. Dole a buga mata hatimi a inda ka je, ranar isa da ranar tashi. In ka dawo babu hatimin, ko rasitanka sun cika, kuɗin kwana ba ya fita, don ita ce shaidar ka je. Ban sani ba ko ku ma haka ne. Sannan na ga kwana uku ta yi a waje, me ya sa aka lissafa mata biyu?

Anti Bilki: Ni ma shi na tsaya a kai. A wurinmu yini ake ƙirgawa, 11, 12, 13, uku ke nan. Sadiya an rage miki 10,000, ki saka shi.

Baba Akanta: Bilki, a hankali. Wani ofishin dare yake ƙirgawa, wani yini, wani kuma yana ba da rabi a ranar dawowa. Akwai ma masu rage wani abu in an ci abincin taro. Kasafin da aka sa wa hannu ya ce 20,000, to ta tsaya a kansa. In ta ƙara 10,000 yanzu bisa ƙa'idar wani ofishin, ta buɗe sabuwar tambaya a takardar da take so a rufe. Ta karanta littafin ƙa'idarsu, in tana da haƙƙi ta nema daban.

Anti Bilki: Ni dai ina ganin haƙƙinta ne, kuma in aka rufe fayil da wuya a sake buɗewa. Amma ta duba littafin.

Maman Walid: Don Allah ku ba ni dama in sako tawa. Na biya mai abinci 85,000 ta taransifa, na buga shaidar banki na haɗa, aka ce bai isa ba. Kuma asusun da ta ba ni na mijinta ne. Me zan yi?

Hajiya Odita: Shaidar banki tana nuna kuɗi ya fita ne zuwa wani suna, ba ta nuna abin da aka saya ba. Ki koma wurin mai abincin ta ba ki rasit mai ɗauke da adadin kwano da farashin ɗaya, da kwanan watan ranar da ta rubuta, ta ambaci ranar taron a ciki. Ta ƙara layi da hannunta cewa ita ta ce a tura kuɗin asusun wane, ta sa hannu da lambar waya. Gaba kuma ki tambayi sunan asusu kafin ki yi ciniki. Sadiya, ke ma duba naki.

Sadiya Gwale: Nawa sunan gidan abincin ne a rasit da asusun duka, alhamdu lillahi. Rasit ɗin zaure kuma bai ambaci wuta ba ko kaɗan. Takardar izinin tafiya muna da ita, amma ba a buga mata hatimi a can, shugaba ce kawai ke sa hannu kafin a tafi. Na saka ta a farko.

Sadiya Gwale: Jama'a na dawo da labari. Na jera layi tara, na manna rasitai da lambobinsu, na sa bayanin Hajiya kusan kalma da kalma, da hoton saƙon, da hoton taron. Ashe muna da fom ɗin rashin rasit, a durowar kashiya yake, ban taɓa sani ba. Na kai da safe, akanta ya bi shi da biro a gabana yana yi wa kowane layi alama, bai kai minti goma sha biyar ba. Ya amince da layi takwas. Na man janareto ya ce sai manajan shiri ya sa hannu a takardar neman amincewar, don hannun shugabata kaɗai bai isa ba a kuɗin wannan tallafin, shi kuma manajan yana Abuja sai mako mai zuwa. Ya ce in zaɓa: ko a biya ni 12,250 yanzu a rufe adbans ɗin, in nemi 12,000 daban in ya dawo, ko in jira a biya gaba ɗaya. Wanne ya fi?

Baba Akanta: Karɓi 12,250 a rufe, tunda tafiyarki ta gaba a kan rufewar take. Amma kafin ki cire rasit ɗin man daga cikin fayil, ki yi kofinsa, kuma a sabuwar takardar ki ambaci lambar wannan baucar don a san tafiya ɗaya ce.

Hajiya Odita: Ki tambaye shi kuma kwana nawa ƙa'idarku ta bayar a kawo nema bayan tafiya, kada wa'adin ya cika manajan bai dawo ba. In ya kusa, ki miƙa takardar yanzu a buga mata ranar karɓa, sa hannun ya biyo baya.

Anti Bilki: Kuɗin kwanan fa, kin duba littafin?

Sadiya Gwale: Na duba Anti. An rubuta "kowane kwana a wajen gari" kawai, bai ce dare ko yini ba. Akanta ya ce dare suke nufi, wata abokiyar aikina kuma ta ce an taɓa biyan ta uku a irin wannan tafiyar. Zan tambayi manajan in ya dawo, tare da maganar man.